Zanen zagayen ruwa a allon firamare: tambayoyin da malamai suka fi yi mini

Na daɗe ina koyar da Kimiyya a firamare a cikin garin Katsina, kuma kusan kowace shekara ana turo mana ɗalibai masu koyon aikin malanta. Ranar da za a zo duba su, da yawansu darasin zagayen ruwa suke zaɓa, saboda yana da zane, zane kuwa yana cika allo ya burge mai dubawa. Sai dai a nan ɗin ne aka fi yin ɓarna. Za ka ga rana ta yi kyau, gajimare ya yi kyau, har da tsuntsaye, amma ka tambayi yaro ina ruwan ya nufa daga nan, ya yi shiru yana kallon ka. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke ta maimaituwa, wasu daga sababbin malamai, wasu daga iyayen da aka turo wa aikin gida.

Me ya kamata in fara zanawa, rana ko gajimare?

Ko ɗaya. Fara da layin ƙasa, domin shi ne zai raba maka allon. Ka auna tsayin allo da ido ka kasa shi uku. Kason sama na rana da gajimare ne, kason tsakiya ka bar shi fili saboda kibiyoyi, na ƙasa kuma na ƙasa ne da abin da ke cikinta. Ja layin ƙasar daga dama zuwa hagu yana gangarowa, tudu a dama, kwari a hagu. A cikin kwarin nan ka zana kududdufi. Kada layin ya miƙe sak kamar an ja da rula, domin idan babu gangare yaro ba zai ga dalilin da zai sa ruwa ya koma kududdufin ba.

Daga nan ka sa rana a sama ta hagu, can gefe. Gajimare ya zauna a sama, daga tsakiya ya miƙa zuwa dama har ya rufe kan tudun. Bishiya ɗaya a kan gangaren, darbejiya ta wadatar tun da kowane yaro ya san ta. Shi ke nan abubuwa biyar: ƙasa, kududdufi, rana, gajimare, bishiya. Rijiya tana zuwa daga baya idan ajin ya kai.

Amfanin wannan tsari shi ne ruwan zai tashi ta hagu, ya bi sama zuwa dama, ya sauko kan tudu, ya gangaro ya dawo hagu. Ya yi zagaye irin na hannun agogo, kuma babu kibiyar da za ta tsallaka wata. Wanda ya fara da rana yakan zana ta ƙatuwa a tsakiyar allo, sai daga baya ya rasa inda zai bi da kibiyoyinsa, ya dinga kewaye ta kamar mai kauce wa taɓo.

Littafinmu ya zana teku da dutse mai ƙanƙara a kai. In kwafa shi haka?

Ni ba na kwafa. Yaron da ya tashi a Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri bai taɓa ganin teku ba, balle dutse mai farin kai. Idan ka ba shi wannan hoton, zai haddace shi a matsayin abin da ke faruwa a wata ƙasa, ba zai haɗa shi da ruwan da ya jiƙa masa littafi jiya ba. Amma ya san kududdufin unguwarsu, ya ga yadda yake cika a watan Agusta, ya ga yadda yake janyewa bayan kaka har ya koma busasshen laka mai tsattsagewa, masu yin tubali su shiga. Tambayar “ina ruwan ya tafi?” tana nan a zuciyarsa tun kafin ka shigo aji. Da ita za ka fara.

Idan kana son ruwa mai girma wanda ya fi kududdufi, ga madatsar Ajiwa da ake kawo wa garin Katsina ruwa daga ita, ga Zobe a wajen Dutsin-Ma, ga ta Jibiya. Malamin da ke Daura yana da abin da ya fi namu ma, domin rijiyar Kusugu tana nan, duk yaro ya san labarinta, kuma ita ce mafi sauƙin hanyar shiga maganar ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Teku ba a jefar da ita ba. Tana da wurinta a zanen manyan azuzuwa, zan zo kanta.

Mene ne ainihin dokar kibiya? Kowa yana cewa a yi ta “a fili”, amma yaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, don haka zan ɗan daɗe a kanta.

Doka ta farko: kibiya ta ruwa ce kaɗai. Duk inda yaro ya ga tsinin kibiya, ya san ruwa ne yake tafiya can. Saboda haka hasken rana ba a zana shi da kibiya. Na taɓa yin wannan kuskuren a farkon aikina, na zana kibiyoyi uku daga rana zuwa kududdufi don in nuna zafi. Da na karɓi littattafai, yarinya ɗaya ta rubuta mini cewa ruwa yana zubowa daga rana. Ban ga laifinta ba, abin da allon ya faɗa mata ke nan. Tun daga ranar nake zana hasken rana da gajerun layuka marasa kai, da allin rawaya idan akwai. Haka nan layin da ke haɗa suna da abin da aka sanya wa sunan, misali daga kalmar “gajimare” zuwa gajimaren, layi ne siriri ba tsini.

Ta biyu: kowace kibiya ta tashi daga wani abu ta sauka kan wani abu. Gindinta ya taɓa fuskar ruwan kududdufi, kanta ya kai gab da gajimare. Kibiyar da ke reto a tsakiyar allo, ba ta taɓa komai ba ta kowane ɓangare, ba ta gaya wa yaro komai. Zai kwafe ta a duk inda ya sami fili a shafinsa.

Ta uku: kai ɗaya. Wasu malamai suna zana kibiya mai kai biyu tsakanin ƙasa da gajimare, wai don a nuna ruwa yana hawa yana sauka. Wannan rowar alli ce. Hawa aiki ne daban da dalilinsa, sauka ma haka, kowanne da kibiyarsa da wurinsa.

Ta huɗu: kan ya yi girma. A allo ina yin kan kibiya kamar faɗin yatsu uku, in cike shi da alli ya zama fari fat, jikin kuma in bi shi sau biyu ya yi kauri. Bayan na gama sai in taka zuwa bencin ƙarshe in duba. Allunanmu da yawa sun koɗe, ga hasken taga yana dukan su, abin da ka gani sarai kana tsaye kusa, daga baya inuwa ce kawai. Idan daga can ba ka iya faɗin inda kibiya ta fuskanta ba, yaran baya ma ba za su iya ba, kuma ba za su gaya maka ba.

Sai lamba. Ka sa wa kowace kibiya lamba a cikin ɗan da'ira kusa da gindinta: 1, 2, 3, 4. Yawancin yaranmu suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, idonsu ya saba da farawa daga dama kamar yadda ya saba da farawa daga hagu. Ba za ka iya dogara da cewa kowa zai fara karanta zanen daga inda kake zato ba. Lamba tana kashe wannan gardama. Ka dai gaya musu cewa zagaye ba shi da farko na gaskiya, mu ne muka zaɓi kududdufi don mu sami wurin farawa.

Kibiya nawa suka isa?

Ya danganta da aji. Aji uku, huɗu sun isa: hawan tururi, zamansa gajimare, saukar ruwan sama, gangarowarsa zuwa kududdufi. Aji huɗu in ƙara biyu, wadda ke nitsewa cikin ƙasa da wadda ke tashi daga ganyen bishiya. Aji biyar da shida ne nake kawo iska da rijiya. Abin da ya wuce takwas a allo ɗaya ya zama saƙar gizo.

Me zan rubuta a kan kowace kibiya? Jimlolina suna yin tsawo.

Ka raba rubutun gida biyu. Abubuwa suna karɓar suna, kalma ɗaya: rana, gajimare, kududdufi, bishiya, rijiya. Kibiyoyi kuma suna karɓar aiki, kalma biyu zuwa huɗu, kuma dole a ji motsi a ciki. Ga waɗanda nake amfani da su a aji huɗu:

1. Tururi ya tashi
2. Ya yi sanyi
3. Ruwan sama ya sauka
4. Ya gangara
5. Ƙasa ta sha
6. Ganye ya fitar

Idan yaro ya karanta su a jere, labari ne cikakke ya fito. Bayanin dalili, wato rana ce ta dumama ruwan, sama ta fi ƙasa sanyi, da sauransu, wannan aikin bakinka ne da na rubutun da za su yi a ƙasan zanen. Kada ka ɗora shi a kan kibiya. Na ga wanda ya rubuta “a nan ne zafin rana yake sa ruwa ya koma tururi ya tashi sama” a gefen kibiya ɗaya, rubutun ya fi kibiyar tsawo, ya lanƙwasa ya shiga cikin gajimare.

Rubutun ya kwanta a miƙe kamar na littafi ko da kibiyar a tsaye take. Kada ka sa yara su karkata wuya. Ya zauna a gefen kibiyar, kusa sosai, ba a kan jikinta ba, kuma kada ya tsaya daidai tsakanin kibiyoyi biyu har a rasa ta wa ce. Tsayin harafi a allo kamar santimita 5 nake yi, ƙananan baƙaƙe ba manya zalla ba, domin masu koyon karatu sun fi gane siffar kalma da ƙananan.

To sunayen Turancin fa? Da su ake yin jarrabawa.

Gaskiya ne, kuma ba na hana su. Amma ba rana ɗaya ba. Ranar farko a yi zanen da Hausa har sai yaro ya iya bin sa da yatsa yana ba da labarin. A darasi na gaba sai ka rubuta kalmar Turancin a ƙarƙashin ta Hausar, da alli mai wani launi. Kalmomin nan dogaye ne kuma ƙarshensu iri ɗaya, yaron da ya fara da su yakan musanya ta hawa da ta sanyi har ya gama firamare. Wanda ya riga ya san kibiya ta 2 ita ce “ya yi sanyi”, sabon suna kawai zai rataya mata.

Yaya zan zana tururi? In yi shi kamar hayaƙi?

A nan harshenmu yana ɗan yaudarar mu. Abin da muke kira tururi a gida shi ne farin abin da ke tashi daga tukunyar tuwo ko butar shayi. Wannan farin da ido ke gani ya riga ya fara komawa ruwa, ƙananan ɗigo ne suke yawo a iska. Ruwan da ya shige cikin iska sosai ba a ganin sa ko kaɗan. Dubi bakin buta tana tafasa: akwai ɗan tazara tsakanin bakin da inda farin ya fara. A cikin wannan tazarar tururin gaskiya yake.

Don haka kada ka zana hayaƙi yana murɗawa daga kududdufi. Yaro zai ce bai taɓa ganin kududdufi yana hayaƙi ba, kuma ya yi gaskiya. Wani kuma zai ɗauka sai ruwa ya tafasa yake tashi. Ni kibiya ta 1 da tsinke-tsinken layi nake yin ta, ɗigo-ɗigo, in ce musu: “Duk kibiyar da kuka ga a tsinke, ruwan yana tafiya amma ido ba ya ganin sa.” Ta ganyen bishiya ma haka. Sauran kuma, inda ake ganin ruwan, layi ne cikakke. Misalin da ya fi shiga shi ne shanya. Inna ta shanya wanki da hantsi, kafin azahar ya bushe, ba wanda ya ga hayaƙi, ba wanda ya hura wuta. Ruwan yana cikin iska.

Gajimare kuwa, ka ɗiga ƙananan ɗigo a cikinsa maimakon ka shafe shi da alli. Taron ƙananan ɗigon ruwa ne, can sama sosai har da ƙanƙara. Idan ɗigon suka haɗu suka yi nauyi sai su faɗo. Yara da yawa suna ɗaukar gajimare kamar jaka ce da ake cikawa ta fashe, ɗigon nan suna taimakawa wajen gyara wannan tunanin.

Kibiya ta 2 ce take ba ni wahala. Me ya sa tururin zai yi sanyi alhali ya matsa kusa da rana?

Madalla da wannan tambaya, domin yaro mai kaifi zai yi maka ita a gaban mai dubawa. Amsar ita ce rana ƙasa take fara dumamawa, ƙasar ce kuma take dumama iskar da ke kanta. Iskar da ta tashi sama tana buɗewa tana hucewa. A matsakaici, duk hawan kilomita ɗaya zafi yana raguwa da digiri 6 zuwa 7. Ka ɗauki ranar bazara a Katsina da zafi ya kai digiri 40 a ƙasa, kilomita uku a sama ya sauko kusan 20. Nisan rana kuwa kilomita miliyan 150 ne, hawan kilomita uku bai rage komai a ciki ba. Waɗannan alƙaluma naka ne kai malami. Yaro abin da yake buƙata shi ne: sama ta fi ƙasa sanyi, kuma iska mai sanyi ba ta iya riƙe tururi da yawa.

A zane, ka sa rana can gefe, kada kibiyar hawa ta nufe ta. Idan kan kibiya ta 1 yana kallon rana, ka koyar da cewa rana ce take shanye ruwan. Kibiya ta 2 gajeriya ce, tana tashi daga inda ta 1 ta ƙare ta lanƙwasa ta shiga gajimare.

Don su gani da ido, kawo ledar ruwa mai sanyi ko kwalba daga firji ka ajiye kan tebur. Jikinta zai yi gumi. Tambaye su ko ledar ta huje ne, su taɓa su duba. Ruwan daga iskar ajin ya fito, ya taɓa sanyi ya koma ɗigo. Amma ka lura da lokaci: da damina nan da nan take yin sharkaf, da hunturu kuwa iska ta bushe ƙwarai, kana iya tsayawa kana jira ba abin da ya fito, yara suna dariya. Raɓar safiya a kan ganyen gero a ƙarshen damina ma abu ɗaya ne.

Wani yaro ya ce da rani ruwa ya fi saurin bushewa, to me ya sa ba a ruwan sama da rani? Na rasa amsa.

Yaron nan ya gano ramin da ke cikin zanen mai kibiya huɗu. Zanen yana nuna kamar ruwan kududdufin unguwarku shi ne yake hawa ya dawo muku. Ba haka abin yake ba. Tururin da ya tashi iska ce take tafiya da shi. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ta hamada, busasshiya. Tana kwashe abin da ya tashi daga kududdufi da madatsa ta wuce da shi, kuma bai kai ya cika ta har ta yi gajimaren ruwa ba. Da damina iskar tana juyawa, ta taso daga kudu maso yamma, daga tekun Atlantika wadda ke nesa da mu fiye da kilomita 700, ɗauke da laima. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya a teku yake, yawancin tururin da ke sama ma daga can yake tashi.

A aji biyar da shida sai ka ƙara ɗan yanki a ƙarshen hagu na allon, ka raba shi da layi a tsaye mai lanƙwasa don a san akwai nisa, ka rubuta “teku, can kudu”. Kibiya ta tashi daga ita, wata doguwa kuma ta miƙe a kwance zuwa gajimarenmu da rubutun “iska ta kawo”. Wannan ba ta karya dokar farko ba, tun da ruwa ne iskar take ɗauke da shi.

Wani zai ce: “Malam, ai hadari daga gabas yake tasowa.” Shi ma gaskiya ya faɗa, kada ka ƙaryata abin da idonsa ya gani. Laimar daga kudu take shigowa ta ƙasa-ƙasa, amma hadarin da ya haɗu iskar can sama ce take tura shi daga gabas zuwa yamma. Ka faɗa da baki, kada ka ƙara wa allon wata kibiya.

Idan suka tambayi yadda ruwan yake komawa teku, akwai hanya ta gaske da za ka ba su. Ruwan da ya bi gulbin Gada ta Jibiya yana shiga ƙasar Nijar ta wajen Maraɗi, ya dawo ya haɗu da gulbin Rima, ya bi ta Sakkwato ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi teku. Yara suna son wannan tafiyar ƙwarai.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa fa, in zana shi kamar tafki a ƙasa?

A'a, wannan kuskure ne da har manya suke ɗauke da shi. A mafi yawan wurare babu wani kogo cike da ruwa a ƙarƙashinmu. Ruwan yana zaune ne a tsakanin ƙwayoyin yashi da cikin tsagogin dutse. Ka zana ɗigo-ɗigon yashi a duk kason ƙasa, sannan ka ja layi a kwance can ƙasa-ƙasa, ka shafa shuɗin alli sama-sama a ƙarƙashinsa ta yadda ɗigon yashin za su ci gaba da fitowa. Rubuta “jiƙaƙƙen yashi” ko “ruwan ƙasa”. Rijiyar ta sauka daga sama ta wuce wannan layin kaɗan, ruwan cikinta ya tsaya daidai layin.

Da wannan zanen kaɗai za ka iya amsa abin da suka sani a gida. Me ya sa ake ƙara wa guga igiya da bazara? Layin ne ya sauka. Me ya sa ake tona yashin busasshen gulbi a sami ruwa? An kai layin ne. Kofi cike da yashi ka zuba masa ruwa a gabansu, ya shige ya ɓace, kofin bai ƙara cika ba. Sun ga inda kibiya ta 5 take kai ruwan.

Kibiyar bishiya dole ce? Yara ba sa yarda ganye yana fitar da ruwa.

Ba za su yarda ba sai sun gani, kuma ganin ba shi da tsada. Da safe ka sa farar leda ka rufe ƙarshen reshen darbejiya mai ganye da yawa a inda rana ke duka, ka ɗaure bakin da zare. Kafin a tashi za a ga ɗigo a jikin ledar. Ka ɗaura wata ledar a busasshen reshe don a kwatanta. A zanen, kibiyar daga ganye take tashi, ba daga gindi ba.

In sa bakan gizo don zanen ya yi kyau?

Kada ka sa. Yara sun taso suna jin ana ce masa masha-ruwa, wai idan ya fito ya shanye hadari. Ka sa shi cikin zagayen ruwa, ka ba wannan magana gurbi a allo. Haske ne ya ratsa ɗigon ruwa, darasinsa daban. Tsuntsaye, gidaje da walƙiya ma a bar su.

Idan yaro ya ce Allah ne yake saukar da ruwa, me zan ce?

Ka ce masa haka ne, zanen kuma yana nuna hanyar da Ya tsara ruwan yake bi. Sun ji a Islamiyya cewa ana aiko iskoki su kora gajimare. Ban taɓa ganin wannan ta zama rigima ba sai inda malami ya nuna kamar tambayar ta ba shi haushi.

Yaya zan sa su zana nasu ba tare da ɓata darasin gaba ɗaya ba?

Kada ka gama zanen kafin su shigo. Idan suka tarar da shi cikakke, hoto za su kwafa. Ka zana abubuwa biyar ɗin su kwafa, minti biyar zuwa bakwai, littafi a kwance ta faɗinsa, shafi guda cur, da fensir. Sannan kibiya ɗaya bayan ɗaya: ka tambaya ina ruwan zai je, su amsa, ka ja, su ja, a rubuta aikinta, a wuce. Launi sai an gama komai, in ba haka ba rabin lokaci zai tafi wajen shafa wa rana rawaya da rigimar aron fensir mai launi.

Ga iyaye masu taya aikin gida: ku bar yaron ya riƙe fensirin. Zanen da uba ya yi ana gane shi daga nesa, kuma yaron ba ya iya bayanin sa. Ku dai tambaye shi, “Daga nan sai ina?”

Ta yaya zan san yaro ya gane, ba kwafa kawai ya yi ba?

Da yatsa. Ka ce ya ɗora yatsa a kududdufi, shi ɗigon ruwa ne, ya bi kibiyoyi yana faɗin abin da ke faruwa da shi har ya dawo inda ya tashi. Inda yatsan ya tsaya ya rasa hanya, nan ne ramin yake, ko a zanen ko a fahimtarsa. Wurin da aka fi maƙalewa shi ne ruwan ƙasa: kibiya ta shiga, babu ta fita. Sai ka tambaye shi wa yake fito da shi. Saiwar bishiya tana ja, guga yana ɗebowa, wani kuma yana tsattsafowa a kwari ya koma kududdufi. Ya zaɓi ɗaya ya zana.

Bayan kwana biyu ina sake zana hoton a allo ba kan kibiya ko ɗaya, layuka kawai, in kira yara ɗaya-ɗaya su sa kawunan. Wanda ya haddace hoto yakan juya ta 4, ya tura ruwa ya hau tudu, sauran ajin su yi masa ca kafin in buɗe baki.

Wajen ba da maki, cikin 10 ina ba fuskar kibiyoyi 5, rubutun da ya dace da kowace kibiya 3, tsabta 2. Kyan zane ba shi da maki. Akwai yaron da gajimarensa ya fi kama da dankali, amma kowace kibiya ta tashi daga inda ya dace ta sauka inda ya dace, ya sami 9. Maki ɗayan da ya rasa, ya goge kibiya ta 3 da yawu ne har takardar ta huje.